Sa Hannu Kawai? Abin da Banki Ke Nema Kafin Ya Ba da Rance, da Nauyin da Ke Kan Mai Tsayawa

"Yaya, ba kuɗi na zo nema ba. Banki ne suka ce in kawo wanda ya san ni, sa hannu kawai za ka yi mini." Da irin wannan magana ake shigar da mutane da yawa cikin bashin da ba su ci ko kwabo a ciki ba. Mai roƙon ba lallai ne ya yi niyyar cuta ba, sau da yawa shi ma iyakar fahimtarsa ke nan. Wanda aka roƙa kuma kunya da zumunci sukan hana shi tambaya, sai ya miƙa hotonsa da lambar BVN, ya rattaba hannu a inda aka nuna masa da yatsa, ya koma harkarsa.

Amma banki ba shaidar hali yake nema ba. Takardar da garanto ke sa wa hannu alkawari ce ta biya: idan wane bai biya ba, ni zan biya. Girman wannan alkawari kuwa, ko zai tsaya a kan ɗan abin da mutum zai iya ɗauka ko zai ci gidansa, yana cikin wasu 'yan layuka ne da ba kasafai ake karanta su ba. Bayanin da ke tafe ya shafi bankunan Najeriya da dokokinta.

Jingina daban, lamuni daban

Kuɗin da banki ke rantawa ba nasa ba ne, ajiyar jama'a ce. Don haka kafin ya saki kuɗi yakan yi tambaya biyu. Ta farko, daga ina wannan mutum zai biya? Amsarta ita ce cinikinsa ko albashinsa. Ta biyu, idan cinikin ya karye fa? Amsar wannan ita ce jingina da mai tsayawa.

Jingina kadara ce da aka ɗaure da bashin, kamar gida ko mota ko injin niƙa. Idan aka kasa biya, banki zai sayar da ita ya ɗebi haƙƙinsa. Lamuni kuwa mutum ne ya ɗaure kansa. Bambancin yana da muhimmanci, domin jingina tana da iyaka, ita ce kadarar da aka ambata. Mai tsayawa kuwa, muddin bai sa an rubuta iyaka ba, duk abin da ya mallaka yana cikin layi: albashinsa, ajiyarsa, motarsa, har gidansa idan kotu ta yanke hukunci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da raba lamuni gida uku. Akwai lamunin dukiya, wato ka ce za ka biya. Akwai lamunin fuska, wato ka ce za ka kawo mutumin a ranar da ake nemansa, idan ka kawo shi ka sauke nauyi. Akwai kuma lamunin nema, wato ka ce za ka nemo inda yake. Mafi yawan masu sa hannu a banki suna zaton na biyu ko na uku suke yi, alhali takardar ta farko ce. Bugu da ƙari, sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne ba a bin mai lamuni matuƙar wanda ya ci bashin yana nan kuma yana da halin biya, sai fa in an gindaya sharaɗin haka. Takardar banki kuwa wannan sharaɗin ne a kan gaba. Bankunan da ba sa ta'amali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna neman jingina da garanto, kuma nauyin biya yana hawa kan mai tsayawa a can kamar yadda yake hawa a ko'ina.

Gida da fili: ba kowace takarda ba ce

Jinginar da banki ya fi so ita ce ƙasa, domin ba ta gudu kuma ba ta ruɓewa. Sai dai ba kowane gida ne ke shiga ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Shi ya sa banki ke neman satifiket ɗin mallaka mai sa hannun gwamna, sannan ya tura lauyansa ya binciki rajista a ofishin ƙasa, kamar KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, don ya tabbatar da sunan mai shi kuma ba a riga an jinginar da shi a wani wuri ba. Gidajen cikin birni da yawa ba su da wannan. Abin da ke hannun masu su takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, kuma manyan bankuna ba su cika karɓarta ba. Gidan gado da ba a raba ba ma matsala ce, domin ɗa ɗaya ba shi da ikon jinginar da rabon 'yan'uwansa.

Hanya biyu ake jinginar da gida. Ta farko ita ce cikakkiyar jingina: a rubuta yarjejeniya, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar ya tanada, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Wannan takan ɗauki lokaci da kuɗi, kuma a al'ada mai cin bashin ne ke biya. Amfaninta ga banki shi ne idan aka kasa biya, yana iya sayar da gidan ba tare da ya fara zuwa kotu ba, bayan ya cika sharuɗɗan sanarwa. Ta biyu ita ce a ajiye wa banki satifiket kawai tare da 'yar takardar yarjejeniya. Ta fi sauri da araha, amma banki ba zai iya sayarwa ba sai da umarnin kotu. Saboda haka bankuna kan sa mutum ya sa hannu tun farko a kan takardun da za su ba su damar mayar da ita cikakkiya duk ranar da suka ga dama.

Amincewar gwamna ba ado ba ce. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina gaba ɗaya saboda ba a nemi wannan amincewa ba, banki ya rasa ikon sayar da gidan. Tun daga nan bankuna suka ƙara tsanani a kan takardu. Kada dai wani ya ɗauka wannan ƙofar tsira ce, domin ko jingina ta ɓaci, bashin yana nan daram.

Akwai kuma batun ƙima. Mai ƙiyasta kadara yakan ba banki farashi biyu: abin da gidan zai yi idan an sayar a natse, da abin da zai yi idan an sayar cikin gaggawa. Na biyun ne banki ke aiki da shi, kuma yana son ya zarce bashin da ruwansa. Wannan ne dalilin da ya sa mai gidan miliyan 20 ke mamakin yadda aka ƙi ba shi miliyan 15.

Wanda ba shi da gida fa?

Tun 2017 akwai dokar da ta tsara jinginar kadarorin da ake iya ɗagawa: mota, babur, injina, dabbobi, amfanin gona, kayan shago, har kuɗin da kake bin wasu. Kayan na iya zama a hannunka kana aiki da su, amma banki zai shigar da su a Rajistar Jingina ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Kowa na iya bincika rajistar, don haka mai sayen tsohuwar babbar mota ko injin yana da hanyar sanin ko akwai bashi a kanta. Sayar da irin wannan kaya a ɓoye ba tare da yardar banki ba yana iya mayar da maganar bashi ta zama maganar laifi.

Ga ma'aikaci, jinginarsa albashinsa ne. Banki zai nemi a riƙa biyan albashin ta asusunsa, da alkawarin ba za a sauya ba sai an gama biya. Ga mai kamfani, banki yakan ce darakta ya tsaya wa kamfaninsa da kansa. Da zarar ya sa hannu, katangar da doka ta gina tsakanin dukiyar kamfani da aljihun mai shi ta faɗi a kan wannan bashin.

Sai abubuwa biyu da suka fi cizo. Na farko shi ne tsarin GSI, wanda Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020. Mai cin bashi yana sa hannu cewa idan ya kasa biya, banki na iya bin lambar BVN ɗinsa ya cire kuɗi daga asusunsa na sauran bankuna. Ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwa kaɗai za a cire ta wannan hanya, ban da tara. Idan kai garanto ne, duba ko an cusa maka takardar izini irin wannan a cikin tarin da aka miƙo maka, ko sharaɗin da ya ba bankin damar taɓa ajiyarka da ke wurinsa.

Na biyu shi ne cek mai kwanan wata na gaba. Ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance suna yawan neman garanto ya ajiye shi, wani lokaci ma ba tare da an rubuta adadi ba. Kasa biyan bashi ba laifi ba ne a doka, amma bayar da cek da ya dawo saboda babu kuɗi a asusu laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977, kuma hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ne ba zaɓin tara. Wanda ya ajiye cek ya miƙa wa mai bin bashi sandar da yarjejeniyar lamuni kaɗai ba ta ba shi ba.

Mu bi lissafin wani misali

A ce wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya nemi rancen naira miliyan 10 na shekara ɗaya, a kan ruwa kashi 30 cikin 100, don ya sayi masara da kaka ya ajiye. Ya jinginar da motarsa ta ɗaukar kaya. An ƙiyasta ta miliyan 9 a kasuwa, miliyan 6 a sayarwar gaggawa. Da yake ba ta rufe bashin ba, banki ya ce ya kawo garanto. Ya kawo mijin ƙanwarsa, ma'aikacin gwamnati mai albashi.

Wata shida na farko komai ya tafi daidai, har uwar kuɗin ta sauko zuwa miliyan 6. Sai farashin masara ya faɗi maimakon ya tashi, biya ya tsaya. Daga nan agogo biyu ke tafiya. Ruwa na kashi 2.5 cikin 100 a wata a kan miliyan 6, wato naira 150,000. Sai tarar jinkiri, wadda ƙa'idar cajin bankuna ta Babban Banki ta 2020 ta ƙayyade kada ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da aka kasa biya. Idan duka miliyan 6 ɗin wa'adinsu ya wuce, naira 60,000 ke nan. Jimla naira 210,000 kowane wata. Bayan kwana 90 ba biya, banki zai sa bashin a sahun waɗanda suka lalace, wasiƙu su fara fita. Idan aka shekara ana jeka-ka-dawo, ƙarin ya kai naira miliyan 2 da dubu 520, ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Mu ƙara naira 480,000 na lauya da gwanjo. Bashin ya koma miliyan 9.

Motar kuma ta ƙara shekara ɗaya da rabi a kan hanya, ba kuɗin gyara. A gwanjo ta yi miliyan 4 da rabi. Saura miliyan 4 da rabi, kuma wasiƙar neman su sunan mijin ƙanwa take ɗauke da shi. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wani ne ya ɗebo, bakin wani ya ƙone.

Abu na farko da zai ce shi ne, "Ai ga shi nan a gari, ku je ku kama shi mana." Doka ba ta tilasta wa banki haka ba. Kotun Ƙoli ta sha nanatawa, ciki har da shari'ar Chami da bankin UBA a 2010, cewa mai bin bashi na iya kai ƙarar garanto kai tsaye ba tare da ya haɗa da wanda ya ci bashin ba. A yawancin takardun lamuni ma banki ba sai ya fara sayar da motar ba. Yana iya neman miliyan 9 ɗin gaba ɗaya a wurin wanda ya fi sauƙin kamawa, kuma mai albashi a asusu ya fi ɗan kasuwar da ya karye sauƙin kamawa. Idan kotu ta yanke hukunci, ana iya ba da umarnin riƙe kuɗinsa a kowane banki, a kwashe kayansa a yi gwanjo, in ba su isa ba a nemi izinin kotu a kan gidansa. Sunansa kuma na iya shiga kundin hukumomin da ke tattara tarihin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ranar da shi ma ya je neman rance a nuna masa ƙofa.

Layuka huɗu da ke yanke hukunci

Yanzu mu koma ranar sa hannu, domin a can aka yanke yawan abin da mijin ƙanwa zai biya.

Layi na farko shi ne na iyaka. Wasu takardun suna cewa garanto ya ɗauki nauyin duk kuɗin da ake bin wane, yanzu ko nan gaba. A ce bayan wata huɗu ɗan kasuwar ya koma ya karɓi wani rancen na miliyan 3 ba tare da surukin ya sani ba. A ƙarƙashin wannan sharaɗi, shi ma ya hau kansa, miliyan 4 da rabi ta zama 7 da rabi, ban da ruwan sabon bashin. Da ya sa an rubuta cewa lamuninsa na wannan rance ne kaɗai, kuma bai wuce miliyan 3 ba, da miliyan 3 ɗin ce ƙarshen asararsa. A nan ma akwai tarko: wasu takardun sukan ambaci adadi sannan su ƙara da cewa tare da ruwa da kuɗaɗen shari'a. Iyaka ta gaskiya ita ce wadda ta haɗa komai a cikinta.

Layi na biyu shi ne na ɗorewa. Lamuni mai ɗorewa ba ya mutuwa don an biya bashin farko. Ɗan kasuwa na iya biya tsaf, ya sake karɓa bayan shekara biyu, tsohon sa hannunka yana nan yana aiki. Kana iya janyewa ta hanyar rubuta wa banki wasiƙa bisa sharaɗin da takardar ta tanada, amma janyewar ta shafi abin da za a ranta nan gaba ne kawai. Abin da ake bi a ranar yana wuyanka.

Layi na uku shi ne wanda ya mai da garanto tamkar shi ne ya ci bashin. A asalin doka, mai tsayawa yana da kariya: idan banki da mai bashi suka sauya yarjejeniya a bayan idonsa, misali suka ƙara wa'adi, ko banki ya saki jinginar da ke hannunsa, nauyin na iya sauka daga kansa, duka ko wani ɓangare. Lauyoyin banki sun san wannan, shi ya sa suke rubuta cewa garanto ya amince tun yanzu da duk wani sauyi, kuma zai biya ko da bashin ya kasa tabbata a kan mai shi. Wanda ya sa hannu a kan wannan ya ajiye garkuwarsa a bakin ƙofa.

Layi na huɗu ya shafi inda masu tsayawa suka kai biyu ko uku. Mutane kan ɗauka raba nauyin za a yi. Takardar kuwa takan ce ana bin su a haɗe da kuma ɗaya-ɗaya, ma'ana banki na iya zaɓar mutum guda ya karɓi duka a wurinsa. Shi kuma daga baya ya bi sauran su ba shi rabonsu, in suna da shi.

Aron satifiket da maganar gado

Akwai wani roƙon da ya fi sa hannu haɗari: "Baba, ara mini takardar gidan nan, wata shida zan dawo da ita." Babu aro a wannan magana. Banki ba zai karɓi satifiket mai sunan wani ba sai mai shi ya sa hannu a kan jingina, kuma sau da yawa yakan haɗa masa da takardar lamuni. Idan cikakkiyar jingina ce, gidan da iyali ke kwana a ciki na iya zuwa gwanjo a kan bashin da maigidan bai ga kuɗinsa ba. Haka iyaye mata da zawarawa ke rasa gidan da suka gada.

Mutuwa ma ba ta yanke igiyar. Idan wanda ya ci bashi ya rasu, banki zai bi dukiyar da ya bari, kuma garanto yana nan a ɗaure, sai fa idan rancen yana da inshorar rai da ta biya. Yana da kyau a tambayi wannan tun farko. Idan garanto ne ya rasu, abin da ya riga ya hau kansa yana bin dukiyarsa, kuma a shari'ar Musulunci bashi ake fara cirewa kafin rabon gado. Mutum na iya barin wa 'ya'yansa nauyin da ba su taɓa jin labarinsa ba. Don haka wanda ya tsaya wa wani ya rubuta, ya sanar da iyalinsa.

Inda ikon banki ya tsaya

Banki ma yana da iyakarsa. Lamuni sai a rubuce da sa hannun mai tsayawa. Kasancewar lambarka a wayar wanda ya ci bashin manhaja, ko ya rubuta sunanka a fom ba da saninka ba, bai mai da kai garanto ba, komai yawan saƙonnin barazana. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan cin zarafi.

'Yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Abin da ke canza wannan shi ne zamba, ko takardun bogi, ko cek ɗin da aka ambata a baya.

Wajen sayar da jingina, dole banki ya ba da sanarwa kamar yadda doka da yarjejeniya suka tanada, ya sayar da gaskiya ba da haɗin baki ba, kuma idan kuɗin ya zarce bashi da ɗawainiyar sayarwa, ragowar ta mai kaya ce. Kafin a kammala ciniki, mai kadara yana da damar biya ya fanshi abinsa. Garanton da aka nema ya biya yana da haƙƙin ganin cikakken lissafi, kuma yana da kyau ya ba akanta ya duba, domin akan sami cajin da ya wuce ƙa'ida. Ƙorafi ana fara kai shi ne bankin a rubuce, idan bai warware ba a wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Idan garanto ya biya, kuɗinsa bai zama sadaka ba. Yana da haƙƙin bin wanda ya tsaya wa har kotu, kuma idan ya biya bashin duka yana gadon matsayin banki a kan jinginar da ta rage. Sai dai gaskiyar magana, wanda banki ya kasa tatsa da lauyoyinsa, da wuya suruki ya tatse shi.

Akwai kuma masu karatun ajami ko Hausa waɗanda ba sa karanta Turanci. Jihohi da dama suna da dokar kare wanda bai iya karanta takarda ba, wadda ta wajabta a karanta masa, a fassara, a rubuta cewa an yi haka tare da sunan wanda ya rubuta. Amma ƙa'idar da kotu ke farawa da ita ita ce sa hannunka ya ɗaure ka. "Ban karanta ba" ba ta cika ceton kowa ba.

Kafin ka ɗauki biro

Ba ana cewa kada a tsaya wa kowa ba ne. Da babu masu tsayawa, da matasa da ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa samun jari ba. Abin da ake so shi ne mutum ya san nawa ya yi alkawari. Ka nemi takardar tayin rancen ka ga adadi da ruwa da wa'adi da jinginar da aka bayar. Ka ce wa mai roƙon ya kawo rahoton tarihin bashinsa, domin dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar nasa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma a nan za ka ga ko akwai wasu basussukan da bai faɗa maka ba. Ka tafi da takardar lamunin gida, ka ba lauyanka ya duba, ba lauyan banki ba. Ka nemi a rubuta iyakar adadi mai haɗe da komai, a ambaci rance guda, a sa sharaɗin za a sanar da kai da zarar an tsallake biya ɗaya, domin a misalinmu watannin shiru ne suka ƙara sama da miliyan 2 da rabi. Kada ka sa hannu a fom mai gurbin da ba a cike ba, kada ka ba da cek marar adadi, kuma ka riƙe kwafin duk abin da ka sa wa hannu. Ranar da aka gama biya, ka karɓi wasiƙar sallama daga banki, a dawo da satifiket, a kuma soke jinginar a rajista.

Banki na iya ƙin sauya takardarsa, wannan haƙƙinsa ne. Kai ma ƙin sa hannu haƙƙinka ne. Idan adadin da ke jikin takardar ya fi abin da za ka iya biya daga aljihunka ba tare da iyalinka sun tagayyara ba, ka ba ɗan'uwanka haƙuri, ka taimaka masa da abin da za ka iya bayarwa kyauta ko rance na hannu da hannu. Ɓacin ran kwana biyu ya fi sauƙi a kan zumuncin da zai mutu a harabar kotu.